Mayar da motar fetur ta koma gas a Garwa: fara daga famfo, ba daga mota ba

Ƙanen matata ya dawo daga Yola da Corolla mai tsabta, fenti bai taɓa ba, inji shiru. Ya shigo gareji yana murmushi, ya buɗe mini but ya ce, “Yaya, zo ka ga abin da zai raba ni da esansi.” Na leƙa na ga doguwar tukunyar ƙarfe kwance bayan kujera, an ɗaure ta da maɗauri biyu, ta cinye fiye da rabin wurin kaya. Na share ƙurar da ke wuyanta da babban yatsa, sai ga haruffa uku: CNG. Na ce masa, “Ƙanena, a ina za ka riƙa cika ta?” Ya yi shiru. Haka motar ta ci gaba da tafiya da fetur, tana kuma ɗauke da ƙarfen da ya kai nauyin mutum guda, ga bayanta ya zauna, ga safaya an rasa inda za a sa ta.

Ban ga laifinsa ba, domin kowa a matse yake. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, zuwa-zuwan da muka saba saye a kwalabe a bakin titi ya daina arhar da. A gidajen mai kuma litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, sannan ta kai 840 a Fabrairun 2024. Duk mai motar haya ya fara lissafi da yatsunsa. Ni makanike ne, gas a mota abu ne da na yarda da shi in an yi shi daidai, amma a nan arewacin Kamaru ana yawan fara maganar daga wutsiya. Ga yadda nake bin ta da duk wanda ya zo mini da ita.

Mataki na farko: wane gas, kuma ina famfonsa

Gas ɗin mota iri biyu ne, kuma ba sa shiga tukunyar juna. Na farko shi ne wanda za ka ga an rubuta GPL ko LPG. Ɗan uwan gas ɗin girki ne, a tukunya ruwa ne, matsinsa kaɗan ne, a ma'aunin matsi bai cika wuce bar goma da 'yan kai ba ko da rana ta buɗe. Na biyu shi ne CNG, wanda masu Faransanci ke rubutawa GNV ko GNC. Wannan iska ce zalla da ake dannawa cikin tukunya har bar 200, shi ya sa tukunyarsa take da kauri da nauyi. Shi gwamnatin Najeriya ta sa gaba tun 2023, don haka motar da ta tsallako daga can da gas, sai ka fara zaton CNG ce. Iskar gas ɗin Kamaru kuwa tana kudu, wajen Duwala da Kiribi, kuma babu bututun da ya kawo ta Garwa ko Marwa. Gas ɗin da ke isowa gare mu shi ne na girki, a cikin tanka da kwalabe. A Chadi ma gas ɗin da matatar Jarmaya ke fitarwa tun 2011 na girkin ne. Saboda haka duk abin da zan faɗa daga nan a kan GPL yake.

Kafin ka kashe ko dala, ka je da ƙafarka ka ga famfon da zai cika maka mota. Famfo nake nufi mai mita da bindiga da ake ɗaurawa a bakin cikawar mota, a wurin da ke da izinin sayar wa motoci, ba shagon musayar kwalba ba. Ka tambayi kuɗin lita. Ka tambayi sau nawa gas ya yanke musu a shekarar da ta wuce, domin duk mai iyali a nan ya san yadda kwalba ke ɓacewa a kasuwa mata su koma gawayi. Idan babu irin wannan famfo a hanyar da kake bi kullum, to maganar ta ƙare a nan, ka riƙe kuɗinka.

Na san abin da wani zai ce: ai ga kwalbar girki. Farashin gwamnati na kwalba mai kilo 12.5 sefa 6,500 ne, kuma abin da ke cikinta ya kai lita 22, wato lita ba ta wuce sefa 300 ba. Wannan arhar ce ke jan mutane su kwantar da kwalba a but su ja tiyon roba zuwa inji. Kada ka yi. Kwalbar girki ba ta da bawul mai lantarki da zai rufe in inji ya mutu, ba ta da abin da zai datse gas in tiyo ya tsinke, kuma ba a yi kanta don ya jure karo ba. Gas ɗin ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasan but kamar ruwa a kwano, yana jiran tartsatsin wayar fitilar birki. Masu kifa kwalba a kan rufin mota su ɗura wa tukunya ma haɗarin ɗaya ne. Ga kuma cewa tallafin na tukunyar tuwo ne, ba na taya ba.

Mataki na biyu: lissafi

A ce famfo ya samu. Ɗauki Corolla mai inji 1.6 da ke shan lita 8 a kilomita 100, tana yin kilomita 2,000 a wata. Fetur lita 160 ke nan, a 840 ya kama sefa 134,400. Gas ba ya kai fetur ƙarfi a lita, mota tana shan kusan kashi ɗaya cikin biyar fiye da yadda take shan fetur, don haka lita 160 ta koma 192. Daga nan ka ga iyakar farko: in litar gas ta kai sefa 700, ba ka rage komai ba.

Mu ƙaddara an ce maka 450, kai kuma sai ka sa ainihin kuɗin da ka gani a famfo. Lita 192 ta zama 86,400. Ƙara fetur lita 10 na tayar da inji da safe, 8,400. Jimla 94,800, ragin wata 39,600. In kayan da aikin sun ci maka 500,000, sai bayan wata goma sha uku kuɗinka zai dawo, ban da filta da duba bawul. Ga direban da ke Garwa zuwa Marwa kullum, wannan ciniki ne mai kyau. Ga ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, kilomita 500 a wata, sai ya haura shekara huɗu kafin ya ga riba. Irinsa nakan ce masa ya gyara fulogi da iskar taya, ya bar maganar gas.

Mataki na uku: a gwada inji kafin a taɓa shi

Gas ba ya gyara inji mai ciwo, tona asirinsa yake yi. Abu uku nake dubawa.

Na fara da matsin silinda. A irin injin Corolla ɗin nan lafiyayye yana ba da kusan bar 13, ƙasa da 10 ya gaji, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce bar 1. Sai ratar bawul, wato supap, inji yana sanyi: na shiga 0.15 zuwa 0.25 na milimita, na fita 0.25 zuwa 0.35. Ina rubuta lambar kowane bawul a takarda in ba mai mota ya ajiye. Dalilin shi ne gas busasshe ne, ba ya jiƙa mazaunin bawul kamar fetur, sai bawul ɗin fita ya riƙa nutsewa cikin kan inji a hankali, ratar tana raguwa. Ranar da ta ƙare bawul ba zai rufe sosai ba, wuta ta bi gefensa ta ƙone shi. Waɗannan injinan ba sa daidaita ratar da kansu, don haka takardar nan ita ce za ta gaya maka bayan kilomita 20,000 ko 30,000 ko abin ya fara.

Na uku shi ne ruwan lagireto, kuma a nan ne motocinmu suka fi faɗuwa. Na'urar da ke mayar da ruwan gas ya zama iska, wadda muke kira detanda, da zafin ruwan inji take aiki, ana jan mata ruwan daga tiyon hita. To mu nan wa ke kunna hita? Rabin motocin da ke shigo mini an toshe tiyon da guntun katako ko tsohon fulogi, an cire tamostat an jefar wai don kada inji ya yi zafi, an cika lagireto da ruwan rijiya har ya yi ja. In ruwan zafi bai ratsa detanda ba, za ka ga raɓa ta daskare a jikinta fari fat ko da a watan Afrilu ne, mota ta riƙa shaƙewa tana mutuwa a mahaɗa. A mayar da tamostat, a wanke lagireto, a buɗe tiyon hita, a sa sababbin fulogi, sannan a yi maganar gas.

Akwai injin da nake mayarwa gaba ɗaya: wanda ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin wanda aka rubuta D-4, GDI ko FSI a murfinsa. Kayan gas na yau da kullum ba nasa ba ne, nozul ɗinsa fetur ke sanyaya su, in aka yanke fetur sai su ƙone. Wasu Avensis masu inji 2.0 haka suke.

Mataki na huɗu: kaya da ɗaurawa

Ga motar da ke da injekta, nemi kayan da ke da nozul ɗin gas ɗaya ga kowace silinda da ƙaramar ƙwaƙwalwarsu. Tsohon salon da ake saƙa zobe a maƙogwaron iska na motar kafireto ne. In aka sa shi a inji mai manifol na roba, wato bututun da ke raba wa silinda iska, tari ɗaya in ya harba baya zai iya fasa manifol ɗin. Tukunya da kan tukunyar da detanda su zama suna da tambarin 67R-01 a jikinsu, shi ne shaidar an gwada su don mota. Tukunya ta zama sabuwa.

Ka zauna a wurin ranar aikin, ba rashin yarda ba ne, motarka ce. A cire manifol daga inji kafin a huda shi, domin garin ƙarfe ko roba in ya faɗa ciki silinda zai shiga. Hujin ya kasance kusa da injektan fetur, tiyoyin gas huɗu gajeru kuma tsayinsu ɗaya. Tukunya mai siffar taya da ke zama a gurbin safaya a ɗaure ta da kusoshi da faranti a ƙarƙashi, ba walda ba. Kanta yana cikin akwati mai murfi da roba, da bututun da ke fitar da duk wani yoyo zuwa ƙarƙashin mota, nesa da salansa. Bututun gas ya bi ta wajen mota, a manne da jiki, inda dutse da kwalta mai rami ba za su same shi ba. Wanda ya san hanyar Garwa zuwa Ngawundare ya san abin da nake nufi. Wayoyi kuma a haɗa su da darma, ba a murɗa a naɗe da salatif ba.

Cikawar farko ita ce jarrabawar da na fi ba muhimmanci. Tukunya tana da abin da ke datse gas in ta kai kashi 80 cikin 100. Mai lita 47 za ta karɓi kusan 37 ko 38, famfo ya tsaya da kansa. In ka ga mita ta wuce 40 tana tafiya, a dakata, kan tukunyar ba daidai yake ba. Wannan sararin da aka bari ba asara ba ne. Ruwan gas yana kumbura da zafi sosai fiye da fetur, kuma motar da aka cika da asuba aka ajiye a tasha cikin ranar Maris, zafi ya haura digiri 40, tana bukatar wurin da gas ɗin zai faɗaɗa. Kada ka bari yaron famfo ya girgiza mota don ta ƙara ɗauka. Lita 38 ɗin nan a Corollar da muka yi lissafi da ita kusan kilomita 390 ce, Garwa zuwa Marwa da dawowa kuwa ya ɗan haura 400, ka ga ƙarshen hanya da fetur za ka shigo.

Bayan an cika, a kaɗa ruwan sabulu a shafa wa kowace mahaɗa inji yana aiki. Kumfa ta tashi, a kwance a sake.

Mataki na biyar: saiti a kan hanya

Saitin da aka yi mota tana tsaye a gareji rabin aiki ne. A haɗa kwamfuta, a fita titi, a hau tudu da kaya. Ana duba lambobin da ƙwaƙwalwar motar ke nunawa, STFT da LTFT, su ne ke faɗin ko tana ƙara mai ko tana ragewa. A kan gas su zauna kusa da inda suke a kan fetur, bambancin kada ya wuce kashi biyar zuwa goma. Akwai mai saitin da zai rage gas da gangan don ka yaba masa cewa mota ba ta sha. Wannan ƙarancin shi ke ƙara zafi a silinda, shi ke cin bawul. Ka fi son mota ta sha abin da ya kamata.

Motar za ta tashi da fetur, in detanda ta kai digiri 30 zuwa 40 ta koma gas da kanta ba tare da ka ji ba. Kada ka bar tankin fetur ya bushe, famfonsa yana aiki ko kana kan gas, kuma fetur ke sanyaya shi. Rubu'in tanki ya isa. Filtar gas a canza ta duk kilomita 10,000 zuwa 15,000, filtar iska kuma a riƙa dubawa lokacin hunturu.

Takardu ma aiki ne. Kart giris tana faɗin irin man da mota ke sha. Kafin a huda komai, ka je ofishin sufuri da wurin bizit teknik ka tambayi abin da suke bukata don a gyara ta, ka kuma sanar da masu asirans a rubuce. Ranar da tsautsayi ya faɗa, tukunyar da ba ta cikin takarda ita ce hujjar farko da za a riƙe a hana ka diyya.

Wadda aka riga aka mayar: a saya ko a bari?

Ban da masu CNG na Najeriya, akwai motocin Turai da ke sauka a Duwala ko Kwatano da GPL a jikinsu, daga ƙasashe irin su Holan, Beljiyam, Italiya da Polan inda abin ya yaɗu. Wasu aikinsu ya fi wanda za a yi maka a nan kyau. Amma mutum ba ya sa gas sai in yana tafiya da yawa, don haka tukunya a tsohuwar mota alama ce ta cewa ta ci hanya, komai mitar kilomita ta nuna.

Ɗaga kafet ɗin but, haska farantin da ke jikin tukunya. Akwai shekarar ƙira a kai. A ƙasashe da dama shekara goma ake ba tukunyar GPL, daga nan a sake gwada ta ko a canza. Motar 2006 da tukunyar 2008 ka lissafa kuɗin sabuwar tukunya da sabon kai cikin ciniki. In farantin ya ɓace, ko an shafe shi da fenti, ko akwai tsatsa mai rami a ƙarƙashi inda ruwa ke kwanciya, tukunyar ta zama ƙarfen gwangwan. Duba sunan da ke kan ƙwaƙwalwar gas ka tambayi mai saiti ko yana da wayarta da manhajarta, domin kowane kamfani da nasa, kuma wadda ba a iya shiga cikinta ba a iya gyara ta. Bakin cikawa ma iri-iri ne, na Holan daban, na Beljiyam daban, na Italiya daban, sai ka tabbatar akwai mahaɗin da zai hau bindigar famfonka.

Sannan gwaji. Ka ce dillali kada ya tayar da ita kafin ka zo, ka taɓa inji ka ji shi da sanyi. Tayar da fetur ka saurara. In tana rawa da sanyi, ko tana rawa in ta yi zafi tana tsaye, zargi bawul, a auna matsin silinda nan take. Da yawa suna tafiya lafiya a gas amma injektan fetur sun toshe saboda an daɗe ba a yi aiki da su ba. Wasu kuma akasin haka, dillali zai ce, “Alhaji, gas ɗin lafiya lau, ƙarewa kawai ya yi.” In ba za a iya sa gas a gwada a gabanka ba, ka saye ta a farashin motar fetur, kada ka ƙara ko sefa ɗaya don tukunyar. In an sa gas, ka taka ta a tudu: ƙara mai “ƙit-ƙit” tare da komawa fetur da kanta yana nufin filta ta toshe ko detanda ta gaji. Ka rufe but na minti goma ka buɗe ka sunsuna.

Ra'ayina shi ne, in famfo yana nan kuma kana cin hanya, gara ka sayi lafiyayyar motar fetur ka sa mata sababbin kaya a gabanka. Wadda aka riga aka mayar ina yarda da ita ne kawai in tukunyarta ba ta kai shekara goma ba, matsin silinda ya yi daidai, an kuma gwada ta a kan gas da fetur duka.

Ƙanen matata kuwa mun yanke shawara a sauke masa tukunyar. Ko wannan ba a yi da gaggawa ba, domin tukunyar CNG da allura ke nuna babu komai tana iya riƙe da matsin da zai illata mutum. Mun rufe bawul ɗin wuyanta, muka kunna inji a kan gas har ya shanye abin da ke cikin bututu, sannan muka kwance a fili, nesa da mai walda. Muka toshe hujin manifol, muka mayar da wayoyin injekta yadda suke. Tukunyar tana ajiye a inuwa da bawul ɗinta a rufe, yana neman mai saye a Yola.